Wanda Ya Yaɗa da Wanda Ya Kwafa: Iyakar Ikon Mai Bidiyo a Intanet

A ɗauka wata mai ɗinki a Kano ta ɗauki bidiyon yadda take yanka abaya, ta ɗora a shafinta na Facebook, bayan mako guda kuma ta ga bidiyon a shafukan mutum biyu da ba ta sani ba. Na farko ya danna maɓallin Share ne kawai. Na biyu kuwa ya sauke bidiyon a wayarsa, ya yanke wurin da sunanta yake, ya sake ɗorawa kamar nasa. A ido duk abu ɗaya ne, amma a doka ikon da take da shi a kan kowannensu daban ne.

Na farkon ba ta da ƙarar da za ta kai a kansa. Ranar da ta buɗe shafin ta amince da sharuɗɗan kamfanin, waɗanda suka ba shi izinin nuna abin da ta ɗora, suka kuma bai wa sauran jama'a damar yaɗa shi gwargwadon waɗanda ta zaɓa su gani. Sai dai igiyar tana hannunta, domin abin da ya yaɗa yana rataye ne da na asali. Idan ta goge nata, ko ta mayar da shi na abokai kaɗai, sauran mutane ba za su ƙara ganin bidiyon a shafinsa ba.

Na biyun ne ya shiga gonarta, kuma goge nata ba zai taɓa kwafinsa ba. A nan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, take aiki. Haƙƙin bidiyon nata ne tun daga lokacin da ta ɗauke shi, ba sai ta yi rajista ba. Sashe na 54 ya ba ta damar aika wa kamfanin rubutacciyar sanarwa mai ɗauke da sa hannunta, da bayanin aikin da aka kwafa, da adireshin inda kwafin yake, da hanyar da za a same ta, da kuma shaidar cewa ba ta ba da izini ba. Sashe na 55 ya wajabta wa kamfanin ya sauke abin daga shafin ba tare da ɓata lokaci ba, ya kuma sanar da wanda ya ɗora. A aikace fom ne na musamman ake cikewa, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure, su tara 'yan uwa hamsin kowa ya danna Report, alhali ƙorafin haƙƙin mallaka daga mai haƙƙin ko wakilinsa kaɗai ake karɓa. Ya kamata ta kuma san cewa yawanci ana nuna wa wanda aka kai ƙara sunan mai ƙorafin da adireshin imel ɗinsa.

Saukewar ba ita ce ƙarshen magana ba. Wanda aka sauke wa yana iya mayar da martani a rubuce cewa yana da izini ko kuskure aka yi. Manyan kamfanoni irin na Facebook na Amurka ne, suna bin tsarin dokar haƙƙin mallaka ta ƙasarsu, wato DMCA ta 1998, wadda ta ce a mayar da abin cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14 idan mai ƙorafin bai nuna ya shigar da ƙara a kotu ba. Haka kuma da mutumin ya ɗauki ɗan guntu ne don sharhi, ko suka, ko ba da labari, ya kuma ambaci sunanta, dokar Najeriya tana iya ba shi kariya. Rubuta sunanta a ƙarƙashin cikakken bidiyon da aka kwafa kuwa ba ya zama izini.

Akwai tarkon da na ga ya fi kama mutane, shi ne zaton cewa wanda ke cikin hoto shi ne mai hoton. A ƙa'ida haƙƙin na wanda ya ɗauka ne. Da mai ɗinkin nan wata baƙuwa ce ta ɗauke ta a wurin biki, ba za ta iya kafa hujja da haƙƙin mallaka ba, sai dai ta bi ta ƙofar kare sirri ko ƙa'idojin kamfanin kan cin zarafi. Amma idan ita ta yi hayar mai hoto don bikin gidansu, dokar 2022 ta ba ta ikon hana shi fitar da hotunan ga jama'a.

A WhatsApp kuma ikon ya kusa zama babu. Delete for everyone yana aiki ne cikin kimanin kwana biyu, kuma a hirar da ta tura kaɗai, ba ya bin kwafin da aka riga aka tura gaba zuwa wasu zauruka. Saƙonnin a kulle suke ta yadda kamfanin kansa ba ya ganinsu, don haka babu adireshin da za ta rubuta a fom. Abin da ya rage mata shi ne ta nemi mutumin da ta san ya tura, ta hanyar wasiƙar lauya ko ƙara a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke sauraron shari'o'in haƙƙin mallaka.