Auto layout a manhajar Figma

Auto layout wani tsari ne a cikin Figma, manhajar zana fuskar shafukan intanet da manhajojin waya wadda Dylan Field da Evan Wallace suka kafa kamfaninta a shekarar 2012. An ƙara shi cikin manhajar a watan Disamba na 2019, kuma aikinsa shi ne ya sa firam, wato akwatin da ke ɗauke da abubuwan zane, ya riƙa daidaita girmansa da jerin abubuwan da ke cikinsa bisa ƙa'idojin da mai zane ya gindaya, maimakon a riƙa jan kowane abu da hannu. A wurin zana maɓalli ne amfaninsa ya fi fitowa fili.

Kafin zuwansa, akan zana maɓalli ne da murabba'i a ƙasa da rubutu a samansa, kuma babu abin da ya haɗa su. Idan aka sauya kalmar "Aika" da "Tabbatar da biyan kuɗi", sai rubutun ya zarce gefen murabba'in, dole mai zane ya miƙa shi, ya sake auna tazarar hagu da dama, sannan ya ture duk abin da ke maƙwabtaka da shi. Wannan wahala takan ninka sa'ad da ake fassara manhaja zuwa wani harshe, domin da wuya kalmomin harsuna biyu su zo da tsawo ɗaya.

Ana haɗa maɓallin ne ta hanyar zaɓar rubutun a danna `Shift + A`, sai Figma ta naɗe shi cikin sabon firam. Wannan firam ɗin shi ake ba wa launi da lanƙwasar kusurwa, saboda haka ba a buƙatar murabba'i kwata-kwata. Daga nan sai a saita `Padding`, wato tazarar da ke tsakanin rubutu da gefen firam, da kuma `Gap`, wato tazarar da ke tsakanin abubuwan da ke ciki.

A ɗauki maɓallin da aka ba shi fiksel 16 a hagu da dama, da 12 a sama da ƙasa, rubutunsa kuma yana da tsayin layi 24. Tsayin maɓallin zai zama 48. Idan faɗin "Aika" ya kai fiksel 32, faɗin maɓallin 64 ke nan. Idan aka maye gurbinta da jimlar da ta kai 170, nan take zai koma 202, alhali 16 ɗin kowane gefe tana nan yadda take. In aka sa ƙaramar alama mai faɗin 20 a gaban rubutun, aka saita `Gap` a kan 8, faɗin zai zama 230, ba tare da an taɓa gefen maɓallin ba.

Abin da ke hukunta duk wannan shi ne yanayin girman da aka zaɓa wa faɗi da tsayi. `Hug contents` yana sa firam ya rungumi abin da ke cikinsa, ya buɗe ko ya tsuke tare da shi, kuma shi ne ya dace da maɓalli na yau da kullum. `Fill container` yana sa abu ya cike wurin da uwar firam ta bar masa, kamar maɓallin da ya mamaye faɗin fuskar waya. `Fixed` kuwa yana kafe girman a kan lamba guda.

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Da zarar an ja gefen maɓalli da linzami, Figma takan mayar da faɗinsa `Fixed`, kuma sau da yawa ba a lura sai ranar da aka tsawaita rubutu aka ga ya leƙo waje. Haka nan idan akwatin rubutun kansa yana da kafaffen faɗi, kalmomin za su karye zuwa layi na biyu, maɓallin ya yi tsayi maimakon ya yi faɗi. Maganinsa shi ne a mayar da rubutun kan `Auto width`, wato faɗin akwatinsa ya riƙa bin tsawon kalmomin. Akwai kuma wata iyaka da ta samo asali daga lissafin kansa: firam ba zai rungumi abin cikinsa da aka ce ya cike shi ba, domin kowannensu yana jiran ɗaya ya faɗi girmansa, shi ya sa idan aka sa rubutu a `Fill container` sai faɗin firam ɗin ya daina zama `Hug contents`.

A shekarar 2023 aka ƙara damar ƙayyade mafi ƙanƙanta da mafi girman faɗi. Da `Min width` na 96, alal misali, maɓallin "Aika" ba zai tsaya a 64 ba, zai buɗe zuwa 96, kuma idan aka daidaita abin ciki a tsakiya, rarar fiksel 32 za ta rabu biyu daidai tsakanin hagu da dama.