Suna, ƙaramin take da gurbin kalmomin bincike na manhajar biyan kuɗi a App Store

Waɗannan su ne gurabe uku da mai manhaja yake cikewa a App Store Connect, shafin da Apple ya tanadar wa masu manhaja don ɗora manhajojinsu, kuma daga cikinsu ne binciken shagon Apple yake tsinto kalmomi. Suna harafi 30 ne, ƙaramin take da ke ƙasansa shi ma 30, sai gurbin Keywords mai 100 wanda masu sauke manhaja ba sa ganinsa sam. Dogon bayanin manhaja kuwa ba ya shiga binciken.

Tarihi

An buɗe App Store a Yulin 2008, gurbin kalmomin ya biyo baya wajajen 2009. A da suna yana iya kaiwa harafi 255, shi ya sa mutane suka riƙa cusa masa duk kalmar da suka ga dama har ya koma kamar jerin kayan shago, sai a Satumban 2016 Apple ya yanke shi zuwa 50, da iOS 11 ya zo a 2017 aka sake ragewa zuwa 30 aka ƙirƙiro ƙaramin take don ya kwashi abin da aka fizge. Google Play ya koma 30 a 2021, amma shi ba shi da ɓoyayyen gurbi.

Yadda ake cikewa

Binciken yana haɗa kalmomi daga gurabe ukun, don haka maimaitawa asara ce kawai. A ce sunan kamfani harafi shida ne, aka ƙara masa `: Tura Kudi`, an ci 17 ke nan. Ƙaramin take `Biya bil da sayen kati` ya ci 22. Sai gurbin kalmomi:

```
walat,transfa,asusu,albashi,lantarki,data
```

Wannan 41 ne, ba sarari bayan waƙafi don sararin ma ana ƙirga shi. Wanda ya rubuta "biya lantarki" zai iya cin karo da manhajar duk da kalmomin biyu ba wuri ɗaya suke ba. An sa "kudi" ba ƙugiya ne saboda haka yawanci ake bugawa a waya.

Abin da ke jawo a dawo da manhaja

Ƙa'ida ta 2.3.7 a cikin ƙa'idojin da Apple ke tantance manhajoji da su ta hana sa farashi ko sunan wata manhaja ko tambarin wani, to "kyauta" ko "babu caji" a suna matsala ce, kuma masu manhajar kuɗi nan suka fi zamewa tunda cajin tura kuɗi shi ne tallarsu. Kalmar banki kuma a ƙasashe da yawa sai mai lasisi. Gyaran gurabe ukun yana jiran sabuwar sigar manhajar ta wuce tantancewa.

Saɓani

Masu harkar sun yarda suna ya fi nauyi. Tsakanin ƙaramin take da gurbin kalmomi ne ake jayayya, Apple bai fitar da ma'auninsa ba.