Inda Ruwa Ke Tura Ƙyauren Dam: Daga Stevin Zuwa Lissafin Yau

Duk wanda zai ƙera ƙyauren da zai tare ruwa, ko a dam ko a bakin magudana, tambayoyi biyu ne ke gabansa. Nawa ne jimillar ƙarfin da ruwa ke tura ƙyauren da shi? A wane layi kuma wannan ƙarfi yake faɗawa? Ta farkon ba ta cika ba mutane wahala ba. Ta biyun ce ke karya sakata, domin ruwa ba ya tura ƙyaure a tsakiyarsa, ƙasa da tsakiya yake turawa.

Archimedes ya bayyana yadda ruwa ke ɗaga abin da aka tsoma a cikinsa tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Amma wanda ya zauna ya lissafa turin ruwa a jikin bangon da ke tsaye shi ne Simon Stevin, haifaffen Bruges, wanda ya yi aikin injiniya a ƙasar Holan, inda tare ruwa da ƙyamare ya zama aikin yau da kullum. A 1586 ya buga littafinsa kan nauyin ruwa a birnin Leiden.

A lokacin babu lissafin kalkulas, don haka sai ya yi dabara. Ya ɗauki bango mai kusurwa huɗu wanda bakinsa na sama yake daidai da fuskar ruwa, ya yanka shi gida-gida a kwance. Turin da ke kan kowane yanki ya fi wanda zurfin bakinsa na sama zai bayar, bai kuma kai wanda zurfin bakinsa na ƙasa zai bayar ba. Da ya tara su sai ya sami adadi biyu, ɗaya ya gaza, ɗaya ya zarce. Yana ƙara yawan yankan, adadin biyu suna matsowa kusa da juna, har suka ritsa amsa guda a tsakani: turin daidai yake da rabin nauyin tulin ruwan da gindinsa ya kai faɗin fuskar bangon, tsayinsa kuma ya kai zurfin ruwan. Wato matsin ya tashi daga sifili a sama, yana ƙaruwa daidai wa daida har ƙasa, siffarsa alwatika. Tsakiyar nauyin alwatika kuwa tana kashi biyu cikin uku daga tsininta, saboda haka a nan turin yake faɗawa.

Blaise Pascal, a rubutunsa da aka buga a 1663 bayan rasuwarsa, ya tabbatar da cewa matsin ruwa iri ɗaya ne ta kowace fuska a wuri guda, kuma zurfi ne ke ƙayyade shi. Ko bayan ƙyauren akwai tafki mai tsawon kilomita goma, ko ɗan kududdufi ne mai faɗin mita ɗaya, muddin zurfin ɗaya ne, turin ɗaya ne. Da kalkulas ya zo, Leonhard Euler kuma ya tsara dokokin ruwa a lissafe a tsakiyar ƙarni na 18, sai aka dunƙule yanke-yanken Stevin cikin ƙa'idar da ake koyarwa yau. Ga yadda take ga ƙyaure mai kusurwa huɗu da ke tsaye:

```
F  = ρ g hc A
hp = hc + H² / (12 hc)
```

A nan `F` jimillar ƙarfin ne, `hc` zurfin tsakiyar ƙyauren daga fuskar ruwa, `A` girman fuskarsa a murabba'in mita, `H` tsayinsa, `hp` kuma zurfin layin da ƙarfin ke bi. Ga ruwan daɗi, `ρ g`, wato nauyin ruwan, yana ba da kilonuton 9.81 a kowace mita kubik.

Mu ɗauki ƙyaure mai faɗin mita 2 da tsayin mita 3, bakinsa na sama yana mita 2 ƙarƙashin ruwa. Tsakiyarsa tana zurfin mita 3.5, fuskarsa murabba'in mita 6. Idan aka ninka 9.81 da 3.5 da 6, za a sami kilonuton 206, kusan nauyin tan 21. Layin turin kuma ya sauka ƙasa da tsakiya da 9 raba 42, wato mita 0.214. Ke nan yana mita 1.714 daga bakin ƙyauren na sama.

Ina ganin bai kamata a yarda da wannan amsa ba sai an gwada ta da hoton Stevin, domin ƙa'ida tana ba da lamba ko da an zuba mata zurfin da ba shi ba ne. A raba matsin gida biyu. Ruwan mita 2 da ke bisa ƙyauren yana danna ko'ina daidai, kilonuton 117.7, a tsakiya, mita 1.5 daga sama. Sai alwatikar da tsayin ƙyauren kansa ya haifar, kilonuton 88.3, a mita 2 daga sama. Jimilla 206. A ninka kowanne da nisansa, a tara, a sami 353.2, a raba da 206, sai ga 1.714 ta sake fitowa.

Santimita 21 kamar ba komai ba ne, sai an zo kan ƙarafan da ke riƙe da ƙyauren. A ce hinjinsa yana sama, sakata tana ƙasa. Ƙarfin juyin da ruwa ke yi a kan hinjin shi ne wancan 353.2, a raba shi da tsayin mita 3, sakatar za ta ɗauki kilonuton 117.7, hinjin ya ɗauki sauran 88.3. Wanda ya aza ƙarfin a tsakiya zai ba kowannensu 103. Ya rage wa sakatar kusan kilonuton 15, tan ɗaya da rabi da za ta ɗauka ba a shirya mata ba.

Akwai wani wurin da ake yawan ruɗuwa. Ana cewa idan ƙyaure ya yi zurfi sosai, layin turin yana matsowa tsakiya, don haka a manta da tazarar. Gaskiya ne yana matsowa. Idan aka nutsar da wannan ƙyaure har bakinsa ya kai mita 20, tazarar za ta koma santimita 3.5 kacal. Sai dai ƙarfin ya haura zuwa kilonuton 1,265, kuma idan aka ninka shi da tazarar, abin da zai fito kusan 44 ne, daidai da abin da 206 sau 0.214 ke bayarwa a misalin farko. Dalili shi ne alwatikar ba ta canja ba, tsayin ƙyauren ne ya haife ta, zurfi kuwa ɓangaren da ke danna ko'ina daidai kawai yake ƙarawa. Kilonuton 15 ɗin nan na sakata suna nan ko a wane zurfi, kason su ne cikin jimilla yake raguwa. Ga ƙyauren da aka kafe sandar juyinsa a tsakiya kuwa, wannan 44 ɗin shi ne dukan ƙarfin juyin da ruwa ke yi masa.

Idan ƙyauren a karkace yake, ana lissafa ƙarfin da zurfin tsakiyarsa a miƙe, amma a ƙa'ida ta biyu sai a auna nisa ta bin gangaren ƙyauren har inda layinsa ya haɗu da fuskar ruwa. Haɗa awon biyu wuri guda kuskure ne da ake yawan yi. Matsin iska ba ya shiga idan bayan ƙyauren a buɗe yake, tunda yana danna gaba da baya daidai. Idan kuma akwai ruwa a bayan, sai a lissafa kowane ɓangare da nasa layin, sannan a debe ƙarfin juyin ɗaya daga na ɗayan.

Hanyar gane kuskure mai sauƙi ce. A ƙyaure mai kusurwa huɗu da ruwa ya rufe gaba ɗaya ta fuska guda, layin turin ba ya hawa sama da tsakiya, ba ya kuma sauka ƙasa da kashi biyu cikin uku na tsayin. A misalinmu, dole amsar ta faɗa tsakanin mita 1.5 da mita 2 daga bakin sama. Idan ta fita daga nan, a koma a duba daga inda aka fara auna zurfi.