Tafiya karatu Birtaniya: a wace rana za a fara shiri?

Yaya, na samu gurbin digiri na biyu a Birtaniya, za a fara karatu 21 ga Satumba. Ina Birnin Kebbi, yanzu muna Afrilu. Me zan fara yi?

Ƙanena, ɗauko kalanda ka sa ranar tashi, a ce 14 ga Satumba, ka riƙa ƙirgowa baya. Kowace takarda tana da ranar da take nuna da ranar da take mutuwa, kuma wata ba ta samuwa sai wata ta kammala.

Yau ɗin nan buɗe fasfonka. Idan ya kusa ƙarewa, ko sunan da ke ciki ya saɓa da na NIN, ka nufi ofishin shige da fice a makon nan. Muhammad a nan, Muhammadu a can, ya isa ya cinye maka makonni.

A watan Mayu ka je Abuja gwajin tarin fuka, a asibitin da Birtaniya ta amince da shi kaɗai. Takardar tana aiki wata 6. Dalilin sammakon shi ne, idan hoton ƙirji bai fita sarai ba, za a karɓi majina, sakamakonta kuma yana iya kai mako 8.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne kuɗin banki. Dole kuɗin makaranta da na zama su kwana 28 a jere cikin asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin da ake nema ba, ko na yini ɗaya. Ka zuba 10 ga Yuni, sun cika 7 ga Yuli. Idan Baba ya ciri wani abu ranar 25 ga Yuni don sayen takin damina, ko ya mayar washegari, ƙirga ta koma farko. Na ga wanda haka ta sa ya rasa zangon karatu sukutum, har yau abin yana damuna. Ka ɗora rara a kai, domin da farashin canjin kuɗi na ranar da ka miƙa takardu za a auna nairarka. Ranar ƙarshe a takardar bankin kuma kada ta wuce kwana 31 kafin ranar nema.

Da lambar CAS, wato shaidar da jami'a ke bayarwa cewa ta ɗauke ka, a hannu, ka nemi biza wajen 13 ga Yuli, ka je a ɗauki hoton yatsu. Amsa takan fito cikin mako 3, amma Yuli da Agusta lokacin cunkoson ɗalibai ne, shi ya sa na bar maka sarari.

In sayi tikiti yanzu tun yana da araha?

A'a, ka jira biza. In kana tsoron tsadar Satumba, sayi wanda ake iya sauya masa rana, ka karanta kuɗin sauyin kafin ka biya. Ba za ka shiga ƙasar kafin ranar da bizar ta fara aiki ba, wato wata ɗaya kafin karatu a mafi yawa. Ka duba ko ƙasar da za a yada zango tana neman bizar wucewa. Sannan ka kwana Abuja kafin ranar tashi. Jirgin cikin gida idan ya ɗage, na waje ba ya jira.

Allurai fa?

Katin rigakafin shawara ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, daga nan kuma na har abada ne. Ka yi ta a watan Yuni, ka karɓi katin a hannun jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Jami'o'in can suna son ɗalibi ya zo da rigakafin sanƙarau da na ƙyanda. Na ƙyandar kashi biyu ne da tazarar mako 4, likita kuma yakan raba ta da ta shawara da mako 4, don haka wata biyu za su tafi.

Inna ta fara haɗa min kilishi da man shanu.

Ka ba ta haƙuri da wuri. Birtaniya ba ta barin a shigo da nama ko kayan madara daga Najeriya, kwacewa ake yi. Busasshen kifin Yawuri kuwa an yarda da shi, matuƙar bai wuce kilo 20 ba.

Saura mako biyu ka ɗora jakunkuna a sikeli. Galibi kilo 23 ne kowace jaka, jirgin Kebbi zuwa Abuja kuma yakan ba da ƙasa da haka, sai ka biya rarar. Saura kwana uku ka rufe su. Fasfo, katin shawara, takardar gwajin tarin fuka, takardun makaranta da rigar sanyi ɗaya su zauna a jakar hannu, tare da batirin cajin waya, don ba a yarda a sa shi cikin manyan kaya ba.