Mahaɗin farar shinkafa, wake da dafaffiyar doya a Damagaram

Mahaɗi shi ne miya, yaji, kwaɗo ko wani abin da ake ɗorawa a kan abincin da aka dafa da ruwa da gishiri kawai. A Damagaram (Zinder) tuwo da furar hatsi ne abincin yau da kullum, amma farar shinkafa da wake sun zama na rana a gidaje da yawa na cikin gari, doya kuwa ta marmari ce. Ukun nan kowanne da abin da ya rasa, kuma wannan giɓin shi ya kamata mahaɗi ya cike. Shi ya sa miyar da ta wadatar da wake ba lallai ta wadatar da doya ba.

Abin da kowanne ya rasa

Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa na ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, da bai kai giram 3 ba, kuma surfe ya tafi da yawancin dusarta da bitamin na rukunin B. Doya ta fi ta talauci ta wannan fuska, don furotin ɗinta wajen giram ɗaya da rabi ne, ko da yake tana da harza da sinadarin fotasiyam. Wake daban yake. Busasshensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, dafaffe kuma yana ba da kamar giram 8, ga sinadarin ƙarfe. Abin da babu a cikin su ukun shi ne mai da bitamin A, bitamin C kuma sai ɗan kaɗan a doya.

Baligi mai nauyin kilo 60 yana buƙatar furotin kusan giram 50 a yini, wato 16 zuwa 17 a kowane zama idan sau uku yake ci. Da wannan ma'auni ake gane faifan da ya cika da wanda cika ciki kawai ya yi.

Shinkafa

Mai da yaji shi ne mahaɗin da ya fi arha, amma ƙarfi da ɗanɗano kawai yake ƙarawa. Wanda ya ci shi kan farar shinkafa zai ƙoshi nan take, yunwa kuma ta dawo masa tun kafin la'asar. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a dafa ta da wake, awo ɗaya na wake ga biyu na shinkafa. Furotin ɗin shinkafa yana da ƙarancin wani ɓangare da ake kira laisin, wanda wake ke da shi da yawa, shinkafa kuma tana cike ma wake ƙarancin mitiyonin. Inda ba a son wake, miyar gyaɗa da alayyafo ko yakuwa tana kawo furotin da mai da ganye a tukunya guda. Miyar tumatir zalla, ko ta sha jan tattasan Diffa ta yi kyau a ido, tana buƙatar kifi, nama ko awara a ciki.

Wake

Wake ba ya neman nama. Abin da yake nema shi ne ɗanye mai tsami: yankakken tumatir, albasa, ɗanyen tattasai, kabeji, da matsin lemun tsami. Ƙarfen da ke cikin tsiro ba ya shiga jini da sauƙi, bitamin C ne ke taimaka masa, kuma zafi yana kashe wannan bitamin, don haka sai an sauke tukunya ake zuba su. Shayi kuwa yana hana ƙarfen shiga, saboda haka gara a jinkirta shi da kamar awa ɗaya bayan cin abinci, musamman ga mai ciki da yara, duk da cewa masu zaman fada ba za su so jin haka ba.

Akwai kuma batun kanwa. Ana jefa ta don wake ya nuna da wuri a rage itace, amma tana lalata bitamin B1. Idan ta yi yawa, waken yakan yi duhu, ya yi santsi, a ji ɗan ɗaci irin na sabulu. Jiƙa wake tun da dare a zubar da ruwan yana rage lokacin dahuwa, yana kuma rage kumburin ciki.

Doya: misali da gida mai mutum shida

Ƙasar Damagaram ba ta noman doya, don damina daga Yuni zuwa Satumba take, ita kuwa doya tana son ruwa mai tsawo. Daga Najeriya ake shigo da ita, ta iso Kasuwar Dole da tsada. Saboda haka sau da yawa kuɗin cefane kan ƙare a kanta, a ci ta da mai da yaji, alhali ita ce ta fi su duka buƙatar mahaɗi.

A ɗauka uwargida ta fere doya ta samu kilo 1 da giram 800, wato giram 300 ga kowa. Wannan rabo furotin ɗinsa giram huɗu da rabi ne kacal. Sai ta soya albasa biyu a man gyaɗa cokali shida, ta zuba tumatir rabin kilo da tugande ɗaya ko biyu, ta bari ruwan ya tsotse har man ya taso. Daga nan ta fasa ƙwai shida a kai, ta dakata su fara kamawa kafin ta juya, in ba haka ba miyar takan tsinke ta yi ƙarni. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, don haka kowa ya kai goma da rabi. Da saura.

Abin da zai cike shi ne kwaɗon zogale. Fiye da sulusin ƙuli-ƙuli furotin ne, saboda haka giram 120 da aka daka aka kwaɗa dafaffen zogale da shi zai ƙara ma kowa kamar giram 7 zuwa 8. Jimilla ta kai wajen 18, ga bitamin A daga ganyen, wanda man miyar ke taimaka wa jiki ya ɗauka. Ranar da ƙwai ya yi tsada, busasshen wake giram 300 da aka dafa ya yi lugub aka juye cikin miyar zai ba kowa giram 11 zuwa 12, kusan ninkin abin da ƙwai ɗaya ke bayarwa. A ido, doyar ta tsaya a rabin faifai ko ƙasa da haka, sauran wurin na miya da ganye ne. Mai ciwon sukari ya rage doyar, ya ƙara wake da ganye.

Rani, gishiri da ajiya

Lokacin sanyi lambunan Mirriya da Gidimuni suna cika kasuwa da salak, kabeji, karas da tumatir. Da zafi ya shigo a Afirilu sai a koma ga kauɗar tumatir, busasshen zogale, kuka da kuɓewa. Waɗannan suna riƙe ƙarfe da harza, amma shanya ta cinye yawancin bitamin C ɗinsu, don haka mangwaro ko lemun tsami ya biyo bayansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin baligi kada ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, yajin ƙuli ma akwai shi a ciki, ga wanda aka sa a ruwan dahuwa. Idan yaji zai hau faifai, a rage na tukunya, a bar daddawa da tafarnuwa su ɗauki ɗanɗanon. Ƙulin da ke warin ruma ko ɗaci a zubar da shi, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afalatoksin mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Shinkafar da ta wuni a buɗe cikin zafi ma ɗumame ba ya raba ta da gubar da ƙwayoyin cuta suka riga suka zuba mata, don haka a dafa daidai ci, ko a sa saura a firiji da zarar ta huce.