Addu'o'in tsoro da firgicin dare

Addu'o'in tsoro da firgicin dare gajerun kalmomi ne da ake karantawa lokacin kwanciya, ko idan an farka a razane, ko idan damuwa ta hana ido runtsawa. Ana samun su a Musulunci da Yahudanci da Kiristanci da addinan ƙasar Indiya, kuma galibinsu ba su wuce jimla ɗaya zuwa 'yan ayoyi ba, domin wanda zuciyarsa ke bugawa cikin duhu ba shi da natsuwar dogon karatu. Abu biyu ne suka fi yawa a cikinsu: neman tsari daga abin da ake tsoro, da damƙa rai ga wanda ake bauta wa kafin barci, wanda Hausawa ke kira ƙanin mutuwa.

A Musulunci

Malaman hadisi sun ware wa zikirin barci babi na musamman tun a littattafan farko, daga baya Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya tattara su a littafinsa Al-Azkar. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) idan ya zo kwanciya yakan haɗa tafukan hannunsa ya yi tofi a ciki, ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, sa'an nan ya shafe abin da ya iya na jikinsa, yana farawa da kai da fuska da gaban jiki, har sau uku. Akwai kuma Ayatul Kursiyyu, aya ta 255 a Suratul Baƙara, da ayoyi biyu na ƙarshen surar, waɗanda hadisin Abu Mas'ud ya ce sun isar wa wanda ya karanta su da dare.

Addu'ar da ta keɓanta da firgita kanta ita ce wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Halidu ɗan Walidu, jarumin da aka yi wa laƙabi da Takobin Allah, ya kai kuka cewa ana razana shi a cikin barci. Annabi bai zarge shi da raunin imani ba, sai ya koya masa ya ce: "A'uzu bi kalimatillahit tammati min gadabihi wa iƙabihi wa sharri ibadihi wa min hamazatish shayaɗini wa an yahdurun." Ma'anarta ita ce neman tsari da cikakkun kalmomin Allah daga fushinsa da uƙubarsa da sharrin bayinsa, da zungurar shaiɗanu da halartowarsu. Tsarin jimlar abin lura ne, domin ta fara da tsoron da ya shafi mutum da Ubangijinsa, ta sauko ga mutane, irin su ɓarawo da maƙiyi, kafin ta ƙare da abin da ido ba ya gani. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito ta ta hanyar Amru ɗan Shu'aibu, tare da ƙarin cewa Abdullahi ɗan Amru yakan koyar da ita ga 'ya'yansa da suka yi wayo, ƙananan kuma ya rubuta ya rataya musu. Masu halatta layar da ke ɗauke da ayoyi suna kafa hujja da wannan ƙari, masu hanawa kuma suna ganin bai inganta ba.

Mugun mafarki yana da nasa ladubban. Abu Salama ya ce yakan yi mafarkin da ke sa shi rashin lafiya, har ya ji hadisi daga Abu Ƙatada: wanda ya ga abin da ya ƙi ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, kada kuma ya ba kowa labari. Wata ruwaya a Muslim ta ƙara da cewa ya juya daga gefen da yake kwance.

Ta fuskar damƙa rai, mafi gajarta ita ce "Bismika Allahumma amutu wa ahya", wato da sunanka ya Allah nake mutuwa, da shi nake rayuwa.

A Yahudanci da Kiristanci

Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa wanda ake jin an kammala tattara shi wajen ƙarni na 6, ya umarci Bayahude ya maimaita Shema a kan gadonsa ko da ya riga ya karanta ta a majami'a. Shema ita ce shelar kaɗaita Allah da ke littafin Kubawar Shari'a na Attaura, 6:4. Littattafan addu'a na baya sun haɗa ta da Zabura ta 91 da wani ɗan roƙo da ke sanya Mika'ilu a dama, Jibrilu a hagu, Uriyel a gaba, Rafayel a baya, da kasancewar Allah a bisa kai.

Zabura ta 91 ita ce gadon da addinan biyu suka fi tarayya a kai, saboda aya ta 5 da ta yi alkawarin cewa mai dogara ga Allah ba zai ji tsoron razanar dare ba, ko kibiyar da ke tashi da rana. Dokar zaman sufayen Kirista ta Benedikt, wadda aka rubuta a Italiya wajen tsakiyar ƙarni na 6, ta ajiye Zabura ta 4 da ta 91 da ta 134 domin addu'ar rufe yini, ba a canza su ko wane dare, abin da ya sa aka iya rera su da ka ba tare da fitila ba. Zabura ta 4 tana ƙarewa da cewa mai addu'a zai kwanta lafiya ya yi barci, gama Ubangiji kaɗai ke zaunar da shi cikin aminci. Kalmar "a hannunka nake damƙa ruhuna" ta Zabura ta 31, wadda Luka 23:46 ya ce Yesu ya faɗa a kan gicciye, ta shiga addu'ar dare ta Yahudawa da ta Kiristoci duka.

A addinan Indiya

Waƙa ta 127 a kashi na 10 na Rigbeda, tsohon kundin waƙoƙin addinin Hindu, wadda masana ke kai ta wajen shekara 1000 kafin miladiyya ko fiye, tana roƙon Dare ya kore kyarkeci da ɓarawo. A addinin Budda abin ya fi kama da tunatar da zuciya. Wani nassi na harshen Pali ya ce wa sufin da tsoro ya kama a daji, ko a gindin bishiya, ko a kangon ɗaki, har tsigar jikinsa ta tashi, ya tuna Budda, in bai iya ba ya tuna koyarwarsa, in bai iya ba ya tuna jama'ar sufaye. Mabiya addinin Sik suna karanta Kirtan Sohila, waƙoƙi biyar, kafin barci, kuma ita ake karantawa wajen ƙona mamaci.

Iyaka

Likitoci suna bambanta mugun mafarki da firgitar da kan kama ƙananan yara a farkon dare, inda yaro ke kurma ihu ido buɗe, bai gane mahaifiyarsa ba, da safe kuma bai tuna komai ba. Irin wannan yaro barci yake yi, saboda haka ba a matsa masa ya karanta addu'a, sai a tsare shi kada ya ji ciwo har abin ya lafa. Dannau, inda mutum ke farkawa ya kasa motsi, yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Rashin barcin da ya ɗauki makonni, ko firgitar da ke dawowa bayan mutum ya ga hari ko haɗari, suna bukatar ganin likita tare da addu'ar.