Yadda Ake Lissafin Ranakun Rigakafin Jariri na Mako 6, 10 da 14

Jadawalin da ƙasashe da yawa ke bi, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya tanadi a kai jariri rigakafi sau uku a jere bayan wanda ake yi masa da haihuwa: yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. A kowace ziyara ana ɗiga masa maganin shan inna a baki, a kuma yi masa allurar da ake rubutawa Penta a kati, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta.

Ranar farko daga haihuwa ake ƙirga ta, wato kwana 42 cif, ko da jaririn bakwaini ne. Sauran biyun kuwa ƙa'idarsu ita ce kada tazarar da ke tsakanin allura da mai bi mata ta gaza mako huɗu, wato kwana 28, domin jikin jariri yana buƙatar wannan lokaci ya gama amsa ta farko kafin ta gaba ta ƙarfafa ta. Allurar da aka yi kafin tazarar ta cika ana iya ƙin lissafa ta, a ce sai an sake.

A ɗauki jaririyar da aka haifa ranar 1 ga Maris. Ziyararta ta farko za ta kama 12 ga Afrilu, ta biyu 10 ga Mayu, ta uku 7 ga Yuni, kuma duk ukun suna faɗowa a ranar makon da aka haife ta, abin da ke sauƙaƙa wa uwa tunawa. To amma idan wani uzuri ya hana a kai ta ziyara ta biyu sai 24 ga Mayu, ranar 7 ga Yuni ta tashi daga aiki, tunda kwana 14 kacal ke tsakani. Ziyara ta uku sai ta koma 21 ga Yuni. A nan ne iyaye suka fi ruɗewa, musamman idan an rubuta ranakun uku gaba ɗaya tun farko, shi ya sa ya kamata uwa ta tabbatar ma'aikaciyar lafiya ta gyara ranar dawowa a katin kafin ta bar asibiti.

Jinkiri, komai tsawonsa, ba ya sa a koma farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Illarsa ita ce jaririn yana zaune da rabin kariya a watannin da tarin shiƙa ya fi kisa. A ganina ɗage ranar saboda mura ko ɗan zafin jiki asara ce kawai, domin ƙaramar rashin lafiya ba ta hana rigakafi. Idan zazzaɓin ya yi tsanani, a kai shi ranar da aka sa, ma'aikacin lafiya ya duba shi ya yanke ko za a jinkirta.